Kuɗin da ATM ta riƙe: banki ya riga ya sani, me ya sa sai an cike fom?

Lokacin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da daftarin sababbin ƙa'idojin na'urorin cirar kuɗi na ATM a watan Oktoban 2025, kafafen yaɗa labarai da dama sun yayata cewa daga yanzu dole bankuna su mayar wa mutum kuɗinsa cikin sa'o'i 48 idan na'ura ta zare masa kuɗi a asusu ba ta ba shi ba. Mutane suka riƙa yi wa juna albishir. Ni kuwa labarin ɓata mini rai ya yi, domin wannan wa'adi tsoho ne. Tun ranar 8 ga Yunin 2020 umarnin CBN ya fara aiki cewa idan mutum ya yi amfani da na'urar bankinsa, kuɗin ya koma nan take, in an samu tangarɗa kada ya wuce sa'o'i 24, idan kuma na'urar wani banki ce kada ya wuce sa'o'i 48. Idan har shekara biyar bayan kafa doka za a sake karanto ta jama'a su ɗauka sabuwa ce, to shaida ce cewa ba su taɓa ganin ta tana aiki a kansu ba.

Abin da suke gani shi ne teburin kula da abokan hulɗa, da fom, da jawabin da kowa ya haddace: «Malam, ka yi haƙuri, matsalar sabis ce, ka ba mu kwana bakwai na aiki.» Wannan jawabi, da tunanin da ya haife shi, su nake so mu bincika, domin a ƙarƙashinsu akwai wata da'awa da ba gaskiya ba, wato cewa banki bai san abin da ya faru ba sai mai asusu ya zo ya faɗa masa.

Banki ya sani, kuma ya riga mai kuɗin sanin dalili. Idan ka saka kati ka nemi naira 20,000, na'urar tana aika saƙo ta hannun kamfanin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch, zuwa bankin da ya ba ka katin. Bankinka ya duba asusunka, ya zare kuɗin, ya aiko da amincewa, sannan na'urar ta fara ƙirga takardun kuɗi. A nan ne abin yake lalacewa. Wata tsohuwar takarda mai laushi tana iya maƙalewa, wuta tana iya ɗaukewa kafin janareta ya karɓa, ko kuma amincewar bankinka ta iso bayan na'urar ta gaji da jira ta soke cinikin. A ƙa'ida na'urar tana aika saƙo na biyu cewa ba ta biya ba, a mayar da kuɗin, kuma wannan ne dalilin da wasu suke ganin alat ɗin dawowar kuɗinsu kafin su bar wurin. Idan wannan saƙo na biyu ya ɓace a hanya, sai asusu ya nuna an cire alhali hannu babu komai.

Ɓacewar saƙon ba ta shafe shaida. Kowace na'ura tana da kundin da take rubuta duk abin da ta yi, daƙiƙa bayan daƙiƙa: lokacin da kati ya shiga, adadin da aka nema, ko takardu sun fito, ko sun maƙale. Takardun da ta ɗauko ta kasa miƙawa tana zuba su a wani akwati na daban a cikinta. Idan ma'aikata suka buɗe ta domin zuba kuɗi, suka gwada abin da ke ciki da abin da lissafi ya ce ya kamata ya rage, za su tarar da rarar naira 20,000 cif. Ga kuma kyamara a saman na'urar. Saboda haka a lokacin da ake ce wa mutum ana kan bincike, kuɗinsa suna hannun bankin da ya mallaki na'urar, kuma lambar katin da aka nemi kuɗin da shi tana rubuce a kundi.

A ɗauki misalin malamin firamare da albashinsa ya shiga ranar Juma'a. Na'urar bankinsa babu kuɗi, sai ya tsallaka titi zuwa ta wani banki da ƙarfe shida na yamma, ya nemi naira 20,000 na cefanen gida. Na'ura ta yi ƙarar ƙirga kuɗi, ta yi shiru, ta turo masa katinsa, sai ga alat ya shigo wayarsa an cire 20,000. Bankuna a rufe suke Asabar da Lahadi. Ranar Litinin ya nemi izini a makaranta ya koma bankin da ke da na'urar, domin hankali ya ba shi cewa inda kuɗi suka maƙale nan ake nemansu, amma tun a bakin ƙofa mai gadi ya ce masa ya tafi bankinsa. A bankinsa ya bi layi, aka ba shi fom mai neman lambar asusu, lambobin farko da na ƙarshe na katinsa, ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, da sunan banki da wurin da na'urar take. Daga nan bankinsa zai shigar da ƙorafin ga ɗaya bankin, shi kuma ya duba kundinsa ya amince ko ya musa. Ko da an yi wa bankuna sassauci an ce ba a lissafa ranakun hutu, wa'adin sa'o'i 48 ya cika ranar Talata da yamma. Shi kuwa an ce masa ya dawo mako mai zuwa, kuma a tsakani ya ci bashin shinkafa a shago, ya biya kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, ya bar ɗalibai rabin yini babu malami.

Duk bayanan da aka sa shi ya rubuta a fom ɗin nan suna cikin kwamfutar bankin tun daren Juma'a. Amfanin fom ɗin a aikace shi ne ya mayar da farkon lissafin wa'adi daga lokacin da na'ura ta gaza zuwa lokacin da mai asusu ya samu sukunin zuwa reshe, kuma ya tace waɗanda ba za su iya zuwa ba. Matar da ke ƙauye mai nisan kilomita hamsin daga reshe mafi kusa, wadda na'ura ta riƙe wa naira 5,000, za ta lissafa kuɗin mota ta haƙura. Dattijon da ba ya karanta Turanci, wanda jikansa ke karanta masa alat, ƙila ma bai gane an cire ba sai wata ya ƙare. Ina so wani jami'in banki ya fito ya faɗa wa jama'a inda irin waɗannan rarar kuɗi suke ƙarewa idan masu su ba su zo ba, domin tambaya ce ta amana, kuma mai ajiya yana da haƙƙin jin amsarta.

Masu kare bankuna suna cewa fom ya zama dole saboda akwai maƙaryata da za su karɓi kuɗi su ce ba su karɓa ba, kamar dai kundin na'ura da kyamara ba su ne ke tona asirin maƙaryaci ba. Wasu kuma suna cewa laifin jama'a ne da ba su san haƙƙinsu ba, wanda magana ce ta wanda bai taɓa tsayuwa a layin banki ranar Litinin ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin daidaito tsakanin saurin karɓa da nawar mayarwa. Tun 1 ga Maris na 2025, duk wanda ya ciri naira 20,000 a na'urar da ba ta bankinsa ba yana biyan naira 100, an kuma soke cirar kyauta sau uku a wata da ake yi a da, sannan na'urar da ke wajen harabar banki tana iya ƙara har naira 500 a kai. Hujjar da aka bayar ita ce tsadar gudanar da na'urorin da buƙatar inganta su. Wannan caji bai taɓa jiran kwana bakwai na aiki ba, kuma ba a taɓa neman banki ya cike fom kafin ya zare shi ba. Ɗan tireda da ya karɓi kuɗinka bai ba ka kaya ba, ya ce ka dawo mako mai zuwa da shaidu, sunansa ya ɓaci a unguwa ke nan. Ban ga dalilin da zai sa a auna banki da ma'aunin da ya fi wannan sauƙi ba.

Kuma ba za a ce CBN ba shi da ƙarfin hukunci ba. A watan Janairun 2025 ya ci tarar bankuna tara naira miliyan 150 kowanne saboda rashin zuba kuɗi a na'urorinsu lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Sai dai tara irin wannan ba ta shiga aljihun malamin da ya ci bashin shinkafa. A Indiya, tun 2019 babban bankin ƙasar ya wajabta wa banki biyan mai asusu rupee 100, kuɗin ƙasar, a kan kowace rana da aka yi jinkiri bayan kwana biyar da gazawar na'ura, ba tare da ya nema ba. Irin wannan nake so a gani a nan: wa'adi ya fara daga daƙiƙar da kundin na'ura ya nuna ba ta biya ba, kuma duk ranar da ta wuce banki ya biya mai kuɗin diyya kai tsaye. Ranar da jinkiri ya fara cin aljihun banki, za a ga yadda matsalar sabis za ta warke.

Kafin a kai can, wanda abin ya faɗa wa kada ya yarda da ƙorafin baka. Ya adana alat ɗin, ya riƙe rasit idan na'ura ta bayar, ya kai kuka bankin da ya ba shi kati a rubuce, kuma kada ya bar teburin sai an ba shi lambar ƙorafi, domin ita ce shaidar ranar da ya shigar. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, yana da damar kai maganar ga Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN ta adireshin cpd@cbn.gov.ng ko a reshen CBN da ke jiharsa, tare da lambar nan da kwafin takardar da ya ba banki. Ya kuma ambaci umarnin Yunin 2020 da wa'adinsa ƙarara a cikin takardar, ya nemi a mayar masa har da cajin da aka zare a kan kuɗin da bai karɓa ba.