Randa ta cancanci shiga amfi, amma da lissafinta

Ɗalibin shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yakan zauna a amfi, babban ɗakin darasi, ya kwafe darasin ɓoyayyen zafi daga allo, wato zafin da ruwa ke haɗiya yayin da yake zama tururi, sannan ya koma ɗaki ya sha ruwan randa ba tare da ya lura cewa abin da ya rubuta ne yake sha ba. Malamai da dama sukan ambaci randar a matsayin misali su wuce. A ganina ambato kaɗai bai isa ba, domin ɗalibi zai gyaɗa kai ne kawai, alhali tambayar da ke da amfani ita ce wadda za ta tilasta masa fitar da adadi.

A ce malam ya tambaya: randa mai cin lita 20, idan gram 200 na ruwanta suka tsattsafo ta jikin yumɓu suka ƙafe, digiri nawa sauran ruwan zai sauka? Kowane kilo na ruwa da ya ƙafe a yanayin zafin ɗaki yana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400, don haka gram 200 sun kwashe kilojul 480. Sauke lita 20 da digiri ɗaya kuwa yana buƙatar cire kimanin kilojul 84. Idan aka raba, amsar ta kusa digiri 6, daga ruwan da bai wuce cikin kofi ɗaya ba.

A nan ne ɗalibi mai lura zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me ya hana ruwan ci gaba da sanyi har ya daskare?" Wannan tambayar ta fi ta farko daraja, domin ta tono abin da lissafin ya ɓoye: iskar da ke kewaye da randar tana mayar mata da zafi, kuma da zarar zafin da ke shiga ya yi daidai da wanda ke fita, sanyin ya tsaya. Daga nan sai a tambaye su me ya sa randa ta fi aiki a busasshiyar iskar Maris fiye da Agusta, lokacin da iska ta cika da laima har ƙafewa ta ragu, da kuma dalilin da ya sa ake naɗe bidon roba da jiƙaƙƙen buhu. Wanda ya ce buhun inuwa kawai yake yi, malam ya gane nan take cewa haddace darasin ya yi.

Masu cewa amfi ya cika maƙil kuma manhaja na da tsawo suna da hujja. Sai dai wannan lissafin layi uku ne a allo, ƙarin tambayoyin kuma ana iya ba ɗalibai su tafi da su gida, inda randar take.