Idan za ka nemi taimako da bidiyo, faɗi gaskiyar lissafi ka bar mutane su yanke hukunci

Akwai wani irin rubutu da nake yawan gani a ƙarƙashin bidiyon neman taimako, kuma na san kai ma ka sha cin karo da shi. "Kar ka wuce ba ka taimaka ba." "In dai kana da imani ka tura wa mutum goma." "Saura awa 24, in ba a samu kuɗin ba shi ke nan." Sai lambar akawun a ƙasa, ba kwanan wata, ba adadin da ake nema, wani lokacin ko sunan mai akawun ɗin babu. Ni dai abin da na lura da shi shi ne duk inda ka ga matsin lamba ya yi yawa a irin wannan rubutu, to bayani ne ya yi ƙaranci, sai aka cike gurbin da tsoratarwa da ɗora wa mutum laifi. Kuma yawanci ba mugun nufi ba ne fa, mutum ne hankalinsa a tashe, ɗan'uwansa na kwance, ya rubuta abin da ya saba gani wasu na rubutawa.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. A ce wata yarinya ce ke buƙatar tiyata a ƙafa, likita ya ce aikin da magani da kwanciya za su ci dubu 900, da ko wane irin kuɗi kake lissafi. Iyaye da dangi sun haɗa dubu 350. An sa ranar aiki nan da mako biyar. Kai aka ba wa rubutun da zai bi bidiyon. Ga yadda zan rubuta shi:

"Muna neman dubu 550 domin cikon kuɗin tiyatar ƙafa ga wata yarinya 'yar shekara tara. Jimillar kuɗin dubu 900 ne, dangi sun haɗa dubu 350. An sa ranar aikin 14 ga wata mai zuwa, in kuɗin bai cika ba likita ya ce za a ɗaga ranar, amma tana shan ciwo wajen tafiya. Iyayenta sun amince da wannan bidiyo. Akawun ɗin na mahaifinta ne, takardar lissafin asibiti na nan ga mai son gani. In an samu fiye da abin da ake nema, rarar za ta tafi kan gashin ƙafa bayan aiki, kuma za mu sanar a nan. Wanda ya samu hali mun gode, wanda bai samu ba babu komai, addu'a ma ta isa. An rubuta ranar 9 ga wata, za mu sabunta adadin duk mako."

Dubi layin farko. Kuɗi da dalili ne suka fara zuwa, saboda a yawancin shafuka layi biyu ko uku kawai ake nunawa kafin a datse sauran, kuma mutane da yawa suna kallon bidiyo ne ba tare da sun kunna murya ba, don haka in ka ɓata layin farko da "wayyo jama'a ku zo ku gani" to ka yi asarar wurin da ya fi ko'ina daraja. Sannan cikon ake faɗa, ba jimilla kaɗai ba. In ka ce ana neman dubu 900 alhali an riga an haɗa 350, ko da ba ka yi niyyar cin kuɗin kowa ba, ka nemi fiye da abin da ake buƙata, kuma ranar da wani na kusa ya faɗi gaskiyar lamarin a ƙasan fostin ɗin, duk sauran maganarka ta zube.

Wurin da ya fi wuya shi ne maganar lokaci, kuma a nan nake so in tsaya. Gaggawa iri biyu ce. Akwai wadda ke cikin lamarin da kansa, akwai wadda mai rubutu ya ƙera. Ranar 14 ga wata gaskiya ce, likita ne ya sa ta, faɗin ta ba matsin lamba ba ne. Amma "in ba a samu ba za ta rasa ƙafarta" magana ce ta likita, in likita bai faɗa ba kai ba ka da ikon faɗa, ko da kana ganin hakan ne zai sa mutane su motsa. Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce: tambayi kanka, in ranar ta wuce kuɗi bai cika ba, me zai faru a zahiri? Abin da zai faru ɗin shi za ka rubuta, ba ƙari ba ragi. In za a ɗaga aiki ne ka ce za a ɗaga. In kuwa da gaske rai ne ke cikin haɗari, ka faɗa a fili sau ɗaya da kalmomin likitan, ba sai ka maimaita sau biyar da manyan haruffa ba, gaskiyar da kanta tana da nauyin da ya isa.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa na da tushe. Zai ce malam, wannan rubutun naka mai sanyi ba ya kawo kuɗi, wanda ke sa hawaye shi ke kawowa. Akwai ma bincike da ke goyon bayansa ta wani ɓangare. A 2007 Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic sun wallafa wani nazari inda mutane suka fi ba da kuɗi idan aka nuna musu labarin yarinya guda ɗaya 'yar Mali da hotonta, fiye da idan aka ba su alƙaluman miliyoyin mutanen da ke fama da yunwa, kuma da aka haɗa labarin da alƙaluman sai abin da aka bayar ya ragu. Wato zuciya ta fi karkata ga mutum ɗaya mai fuska. Ban musa ba. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne ka ba da labarin mutum, bai ce ka ƙara gishiri ba, bai kuma ce ka zargi mai kallo ba. Kuma yana ɗauke da tarko ga ƙungiyoyi: in fuskar yarinya ɗaya ce a bidiyo amma kuɗin zai shiga babban asusun da ake kula da yara da yawa, dole rubutun ya faɗi haka, in ba haka ba mutum ya ba wa wance ne a ransa, kai kuma ka kai wani wuri.

Sannan shi matsin lamba ai ba a kan marowaci yake aiki ba, shi ya wuce abinsa. A kan mai taushin zuciya yake sauka, wanda sau da yawa shi ma bai da shi. Birtaniya ta ga wannan a 2015, bayan rasuwar Olive Cooke, wata tsohuwa 'yar shekara 92 a Bristol da ta daɗe tana ba da gudummawa, aka gano irin tulin wasiƙun roƙo da ƙungiyoyi ke aika mata. Iyalinta sun ce ba wasiƙun ne suka jawo mutuwarta ba, amma maganar ta tayar da ƙura har aka kafa sabuwar hukumar sa ido kan tara gudummawa a 2016, kuma ƙa'idarta ta hana matsa wa mutum lamba fiye da kima. Shi ya sa jimlar nan ta "wanda bai samu hali ba babu komai" ba kwalliya ba ce a wurina. Sharaɗin kawai shi ne ka faɗe ta da gaske, kar ka rubuta "babu tilas" sannan layi na gaba ka ce "amma ka tuna kai ma kana da 'ya'ya", ka ba da dama da hannun dama ka ƙwace da hagu ke nan. Haka nan rantsar da mutane da Allah kan sai sun tura bidiyo, ni ban ga dacewarsa ba, sadaka ai da daɗin rai ake yin ta.

Maganar rara kuwa ita ce kusan kowa ke mantawa, saboda mai nema ba ya tunanin kuɗi zai wuce buƙata. Yana wucewa kuwa, bidiyo ɗaya kan yaɗu fiye da zato. Bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, cikin 'yan kwanaki ƙungiyar likitoci ta MSF ta fito ta ce kuɗin da ta samu ya ishe ta aikin gaggawar da za ta iya yi a can, ta daina neman ƙari a kan wannan, daga baya ta tuntuɓi masu bayarwa tana neman izinin kai rarar wasu wuraren, wanda bai yarda ba a mayar masa da kuɗinsa. Kai da kake tara wa mutum ɗaya ba ka da hanyar bin ɗaruruwan mutane ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu ba ka ma san su ba sai alat da ka gani. To ka nemi izinin tun farko, da jimla ɗaya a cikin rubutun. Ka kuma yi tunanin ɗaya gefen: in aka tara dubu 200 kawai aka tsaya, ko aka fasa aikin gaba ɗaya, ina kuɗin za su? Wannan ma ya cancanci jimlarsa, musamman in abin da ake tarawa irin wanda rabi ba ya amfani ne.

Kwanan wata kuma don bidiyo ba ya mutuwa. Bayan shekara biyu wani zai tono shi ya sake yaɗawa, wani ma ya cire lambar akawun ɗinka ya sa tasa. Saboda haka ka sa ranar da sunan mai akawun a cikin rubutun, ka kuma furta su da baki a cikin bidiyon, ya fi wuyar sauyawa. Ranar da kuɗi ya cika ka koma kan ainihin fostin ɗin ka gyara layin farko ya zama "AN KAMMALA, a daina turawa", kar ka tsaya ga sabon fostin kawai, domin tsohon ne ke yawo.

Ita kuma yarinyar, rubutun da na kawo bai faɗi cikakken sunanta ba, bai faɗi makarantarsu ko unguwarsu ba, kuma da gangan ne. Amincewar iyaye ma sai an yi musu bayani cewa abin da ya hau intanet ba ya gogewa yadda suke zato, kuma shekara tara ba ƙaramin hankali ba ne, a tambaye ta ita ma. Mai bayarwa na buƙatar hanyar tabbatarwa, wannan haƙƙinsa ne, amma za a iya tura masa takardar asibiti shi kaɗai in ya nema, an rufe lambar katin da adireshi, ba sai an buɗe rauni a gaban kyamara ba ko an jira ta fara kuka sannan a danna ɗauka. Kafin ka wallafa, karanta wa mahaifinta rubutun da babbar murya ita ma tana zaune, duk kalmar da ka ji nauyin furtawa a gabansu ka goge ta.