Mutum 400, layi ɗaya, abinci ya huce: wannan ba ƙaddara ba ce, sakaci ne

Wai sai yaushe masu karɓar kwangilar ciyar da taro za su koyi lissafin da ɗan firamare zai yi a bayan takarda? A gayyaci mutum 400, a ce kowa zai ɗiba da kansa, sannan a jingina tebur ɗaya da bango, a jera mazubi takwas a kai, a buɗe layi ɗaya tak. Daga nan kuma a koma gefe ana ƙorafin wai mutane ba su da haƙuri. Haƙurin me?

Layin abinci ba ya tafiya da saurin mai sauri, yana tafiya ne da saurin wurin da ya fi ko'ina jinkiri. Kusan kullum wurin nama ne. Mutum zai tsaya da faranti a hagu, yana juya yanka da cokali a dama yana neman wanda ya fi tsoka, kuma sakan 20 ba komai ba ne a wannan tsayuwar. Sakan 20 ga kowane mutum na nufin mutum 3 ke wucewa a minti ɗaya, ko da sauran mazubai bakwai ba kowa a gabansu. Mutum 400 ke nan za su ci minti 133, wato awa biyu da ɗoriya.

Wannan ma in komai ya tafi daidai ne, kuma ba ya tafiya. Tiren ƙarfen da aka saba sakawa a mazubi, mai zurfin santimita 6 da rabi, bai wuce lita 9 ba. In shinkafa ce, mutum talatin ko ƙasa da haka sun share shi. Za a sauya tire wajen sau 13 kafin a gama. In sai tire ya ƙare ƙarƙaf sannan wani zai ruga kicin ya ɗauko, minti uku sun tafi kowane zuwa, layi a tsaye cak. Ƙara minti 39 a kan na farko. Na ƙarshen layi zai ci abinci bayan kusan awa uku, ga tsofaffi, ga masu ciwon suga da suka riga suka sha magani suna jira.

Abin haushin shi ne gyaran ba ya buƙatar ƙarin abinci ko loma ɗaya. A janye teburin daga bango, a sa cokalin ɗiba biyu a kowane mazubi, mutane su bi ta gefe biyu: layi ya zama biyu. A kafa tebur na biyu irinsa a ɗaya kusurwar: layi huɗu, minti 133 sun koma 33. A tsayar da ma'aikaci a wurin nama ya riƙa zubawa, zaɓe ya ƙare. Farantai a farkon tebur, cokula da tsumman goge hannu a ƙarshe, abin sha a wani tebur daban can nesa, domin ɗan Adam hannu biyu gare shi. A riƙa kiran mutane tebur-tebur. Sabon tire kuma ya kasance a kusa, da zafinsa, tun na kai yana da saura. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, duk wannan tun jiya ake tsara shi.

Da gajiyar ƙafa ce kaɗai matsalar, da sai a ce a yi haƙuri. Dogon layi shi ne yake sanyaya abinci, abincin da ya huce kuma shi ne yake kwantar da mutane.

Mazubin nan mai ruwa a ƙasa da 'yar wutar gwangwani a ƙarƙashi ba murhu ba ne. Aikinsa ya riƙe zafin abin da aka kawo da zafi, ba ya ɗumama mai sanyi. Ana zuba masa ruwan zafi ne tun farko, a kunna wuta, a rufe har tururi ya tashi, sannan a ɗora tire. Amma me ake gani? A kwarara ruwan sanyi, a ɗora abincin da ya yi awa ɗaya a bayan mota, a kunna gwangwani ɗaya inda ya kamata biyu. 'Yar wutar za ta ƙare ƙarfinta kan ɗumama ruwa. Gwangwanin da man cikinsa ke da kauri kamar man shafawa yawanci na awa biyu ne. An kunna shi tun kafin jawabai, jawabai sun ja, saboda haka yana mutuwa ana tsakiyar layi, ba wanda ya leƙa ƙasa. Murfi kuma a buɗe tun mutumin farko, ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki tana busawa a kai. Ka dubi saman miya ya yi fata, mai ya fara daskarewa a gefen tire, murfi ba ɗigon tururi a cikinsa: wannan tiren ya daɗe da fita daga aminci.

Tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salsiyos ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasunsu suna ninka yawansu cikin minti 20 in ɗumin ya yi musu daidai. Don haka abinci mai zafi ya zauna a digiri 60 ko sama, mai sanyi kamar salak ya zauna a 5 ko ƙasa, a kan ƙanƙara. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a tsakanin nan ba. Tafin hannu a jikin murfi ba ma'auni ba ne. Ma'aunin zafi mai tsinke ake sokawa a tsakiyar abincin, a goge shi tsakanin tire da tire, a duba aƙalla kowace awa. Abin da zai shiga aljihun riga, amma a ciyar da ɗaruruwa babu ko ɗaya a wurin!

Shinkafa ta fi yaudara, don kowa na ganin nama ne abin tsoro. Akwai ƙwayar cutar da ake kira Basilus siriyus, wadda irinta ke jure dahuwa. In shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ya farka ya saki dafin da sake ɗumamawa ba ya kashewa, amai ya taso cikin awa ɗaya zuwa shida. Babbar tukunyar nama ko miya da aka dafa tun dare aka bari ta huce a hankali tana da nata haɗarin: murɗar ciki da gudawa bayan awa 6 zuwa 24, lokacin kowa ya koma gida yana zargin wani abin daban. Duka biyun ba su sauya wari, ba su sauya ɗanɗano. Mai cewa "na ɗanɗana, lafiya lau yake" bai faɗi komai ba.

Sai kuma ɗabi'ar da ta fi ƙona rai: a kawo sabon abinci mai tururi a juye shi kan ragowar tsohon tire, a gauraya. Wanda ke ƙasa tun ƙarfe ɗaya yana nan har ƙarfe huɗu, an lulluɓe shi da sabo, ba mai sanin shekarunsa. Tire ake cirewa gaba ɗaya, a sa wani, da sabon cokali. Cokalin da hannu ɗari biyu suka riƙe, kotarsa ta zame ta nutse cikin miya, wani ya tsamo shi da yatsu ya ci gaba da ɗiba. Ga mai dawowa ƙari da farantin da ya ci a ciki, yana buga cokalin ɗiba a kansa don shinkafa ta sauka. Ma'aikaci ɗaya da aikinsa kawai kula da tebur zai hana duk wannan, amma an tura su duka rabon abin sha.

Masu biyan kuɗi ma da nasu laifin, suna ciniki kan yawan nama ba sa tambayar komai bayan haka. Kafin a ba da kafin alƙalami, a tambayi mai kwangila layi nawa zai buɗe, ƙarfe nawa za a sauke abincin daga wuta, a cikin me zai zauna kafin a fara ci, kuma ya fito da ma'aunin zafinsa a gani. In ya ce shekararsa ashirin yana wannan aiki ba wanda ya taɓa kawo ƙara, a sake ce masa ya fito da ma'aunin.