Naira na ajiye, yanzu wai dala ake bi na

Wallahi yau raina a ɓace na fito daga banki, bashin da na zata na gama da shi tun 2022 shi ne har yanzu ake kirana a kansa, kuma ba kuɗin kowa na ci ba, layin dala ne ya ja min.

Ƴar masana'antar fenti gare ni a Kano, sinadaran haɗin daga waje muke sayo su. A ƙarshen 2022 na buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya daga waje, na dala 50,000, banki ya buɗe min LC, wato takardar da ke tabbatar wa mai kaya a can cewa za a biya shi. Lokacin farashin gwamnati wajen naira 450 ne, a Wapa, kasuwar ƴan canji, kuma ana sayarwa wajen 740, to wane ne zai ga 450 ya tafi 740? Na zuba naira miliyan 22.5 cif a asusu, na ci gaba da harkata.

Abin da ban gane ba a lokacin, nairar da na ajiye ba ta sayi dala ko ɗaya ba, wuri kawai ta kama min a layi. Bankin waje shi ya biya mai kaya da dalarsa, ni kuma na zama mai bashin dala har sai ranar da rabon dalar Babban Banki ya iso kaina. Rabon kuwa a lokacin duk bayan sati biyu ake neman sa, banki ya shigar da buƙatarka, ka nemi 50,000 a ce an ba ka 3,000, wani zagayen 5,000, wani zagayen ko sisi, wanda aka ba ka ɗin ma ba a hannu ba, a cire nairarka yau a ce dalar sai nan da wata biyu ko uku. Kullum in na je yaron da ke kula da asusuna sai ya juyo min da fuskar kwamfuta ya ce "Alhaji ka gani da idonka, ba ta faɗo ba, a ƙara haƙuri". Wata bakwai ina wannan sintiri, dala 20,000 kaɗai na samu, ga ruwa yana hawa kan ragowar, shi ma da dala.

Kaya kuwa sun iso tuni, na haɗa fenti na sayar, kuma lissafin 450 na yi na sa wa bokiti farashi, don abokan gasa ma haka suka yi, in ka sa lissafin Wapa ba mai saye.

Sai Yunin 2023 aka saki naira, farashin hukuma ya tashi daga wajen 460 ya haura 700 cikin ƴan kwanaki, farkon 2024 ya kai 1,500. Ku yi lissafin da kanku don Allah. Ragowar dala 30,000 da na ajiye wa miliyan 13.5, a 1,500 ta zama miliyan 45, wato in ciko miliyan 31.5 ban da ruwa, a kan kayan da aka shafe bango da su tun bara waccan! Daga ina? Ribar odar gaba ɗaya ba ta kai miliyan 6 ba. Lebura tara na sallama, motar dakon kaya na sayar, injin haɗi ɗaya yana nan a lulluɓe da tamfol.

Abin da ya fi ci min rai, muddin akwai farashi biyu to dala ba ta zuwa wajen mai buƙata, wajen mai hanya take zuwa. Wanda ya samu dala miliyan ɗaya a 450 ya karkatar da ita kasuwa a 740, ya ci naira miliyan 290 bai sauke ko kwantena ɗaya ba, bai ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba. Mu masu injina da mutane a ƙarƙashinmu mu ne a bayan layi. Tun 2015 da aka hana kaya 41 dalar hukuma, har da atamfa da shinkafa, ƴan kasuwa ba su daina shigo da su ba, kasuwar bayan fage suka koma, a Yulin 2021 kuma aka daina sayar wa ƴan canji, kowa ya taru a rijiya ɗaya farashi ya ƙara tashi. Hukuma da kanta daga baya ta ce alƙawuran dalar da suka taru ba a cika ba sun kai wajen biliyan 7.

Ni yanzu ko an ce dala tana nan ba na buɗe LC sai na ga an saye ta an zuba ranar, a rubuce. Jibi ma an ce in koma da takardar fili, wai a sake tsara min biyan.