Ladabi ne ko gugar zana?

"Malama, ni ladabi na yi da na rubuta per my last email, amma mai sayar mana da yadi a Kwari ya ji haushi. Me ya sa?"

A kunnen mai karatu, ma'anarta ita ce: ai na faɗa maka, ba ka karanta ba. Gugar zana ce sanye da Turanci. Ga shi kuma ka tura shi lalube cikin tsoffin saƙonni, wataƙila a waya, yana tsakiyar ciniki.

Maimaita bayanin kawai. Rubuta: "The delivery date is Thursday, invoice attached again." Wato ranar kawo kaya Alhamis, ga takardar kuɗin na sake haɗawa.

In ana jayayya kan farashi, ambaci ranar saƙon farko, ka liƙo layin da kansa, ban da "as I already said".