Wai don kare ne, sai ya makance?

Jiya da safe na ɗaure Duna a bayan a-daidaita-sahu na kai shi asibitin dabbobi na gwamnati, na dawo gida ina tafasa. Shekara tara karen nan yana gadin gidana, tun lokacin da ɓarayi suka yi mana sallama sau biyu a wata ɗaya. Kwana huɗu ke nan idonsa na hagu ya yi ja wur, hawaye na zuba, ya runtse shi gam, yana ta goga shi da ƙafa. Da farko na ɗauka ƙurar hunturu ce. Amma ai ƙura ba ta zaɓar ido ɗaya ta bar ɗaya.

Na isa ƙarfe tara, na tarar da mutum guda a kan benci yana latsa waya. Na yi sallama, ya amsa da hanci. Na ce, "Yallaɓai, kare na kawo, idonsa ne." Ya ɗago kai, ya dubi Duna, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Alhaji, da girmanka? Kare?" Na haɗiye. Na ce likita fa? "Ya je taro." Yaushe zai dawo? "Allah masani." Na roƙe shi ko leƙa idon ya yi. Daga inda yake zaune, bai ko sauke ƙafarsa daga kan benci ba, ya yanke hukunci: "Tsufa ne, yana ce ta rufe shi. Ka je kyamis ka sayi maganin apolo." Madalla da wannan gwani, mai gano cuta daga nisan taku goma!

Abin haushin, na bi maganarsa. Yaron kyamis ya miƙo mini ɗan kwalba mai haɗe da deksametazon. Allah ya taimake ni, kafin in ɗiga na kira ƙanin abokina da ya karanta likitancin dabbobi a Zariya. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ka sa, ga ni nan zuwa."

Da ya zo ya ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗaga wata fatar ido ta uku da karnuka ke da ita a lungun ido wajen hanci. Sai ga ƙayar ciyawa maƙale a bayanta, tana kankarar idon duk ƙiftawa. Ya zare ta, ya taɓa idon da ɗan tsinken takarda mai rinin filorasin, ya wanke, ya haska fitila. Wani wuri kamar ƙwayar gero ya yi kore shar: miki ne a kan gilashin idon. Ya ce irin maganin da aka ba ni yana hana miki warkewa, yana ba ƙwayoyin cuta dama su ci idon har ya huje. Ya rubuta maganin ɗigawa na kashe ƙwayoyin cuta zalla, sau huɗu a rana, ya yanke gindin bokitin roba ya saƙala masa a wuya don kada ya sosa. In mikin bai yi zurfi ba, mako guda ya isa.

Maganar yana kuwa, ya nuna mini ɗaya idon. Akwai wani hazo-hazo mai shuɗi a can ciki, wanda yawancin karnuka ke yi in sun wuce shekara bakwai, kuma suna gani da shi. Yana ta gaskiya fara ce kamar nono, kare ya riƙa karo da bango, kuma tiyata ce kaɗai maganinta. In ta zo farat ɗaya a ido biyu, kare na yawan shan ruwa da fitsari, sai a binciki ciwon suga. Amma yanar tsufa ba ta sa kare runtse ido ɗaya yana hawaye dare ɗaya. Wannan zafi ne.

Duk aikin nan bai kai minti ashirin ba, da tsinken takarda da fitila. Shi ne ginin gwamnati guda ya kasa. Kullum a rediyo ana bunƙasa kiwo, ana ƙaddamar da rigakafi, ana yanka ƙyalle, amma je ka asibitin ka ga kabad: gizo-gizo ne ma'aikacin da ba ya fashi. Mu ma jama'a da namu. Mutum zai kwana lafiya saboda haushin kare, ya tafi farauta da shi, amma in ya ga ka kai shi magani sai ya ce ka rasa abin yi da kuɗi. Maƙwabcina da ke yi mini dariyar bokiti yau da safe, shi ne ya aiko a tambaye ni ko Duna zai koma gadi daren nan, wai an sace masa akuya a layin baya.