Toshe layi ba ya fitar da ɓarawo daga cikin manhaja

A ƙauyenmu can Jigawa, matsalar shiga manhaja da lambar waya ita ce sabis. Za ka sa lambarka, ka jira saƙon lambobi shida, kafin ya iso wa'adinsa ya wuce. Shi ya sa masu gina manhaja da yawa ke tausaya wa jama'a, su ce in mutum ya shiga sau ɗaya a bar shi a ciki har abada. Nan Legas kuwa saƙon na zuwa nan take, abin tsoro shi ne a zare maka waya cikin danfo. Kuma manhaja ɗaya ce ke yi wa wuraren biyu aiki.

Ɗauki mai albasa a kasuwar Mile 12 da aka sace wa waya babu makulli a kanta. Ya garzaya ya toshe layi, ya karɓi sabon sim, hankalinsa ya kwanta. Alhali ɓarawon ba ya buƙatar layin. Lambobi shidan nan aikinsu ya ƙare tun ranar farko. Abin da ke buɗe asusun kullum shi ne tokin, wato shaidar shiga da sabar manhajar ta ba wayar, kuma yana nan daram a hannun ɓarawo. In tokin irin `JWT` ne mai wa'adin shekara, wanda sabar ke duba sa hannunsa kawai ba ta ajiye rajistarsa ba, babu yadda za a kashe shi shi kaɗai kafin lokacinsa.

Ni a ganina a raba tokin biyu. Na aiki ya mutu cikin kamar minti 15. Na sabuntawa ya daɗe, ko kwana 30 ne, ya riƙa canzawa duk lokacin da aka yi amfani da shi, don kada ɗan ƙauye ya yi ta jiran saƙo. Amma sabar ta rubuta kowace waya daban a rajistarta, ta ajiye tokin sabuntawar bayan an niƙa shi da `SHA-256`, yadda ko an kwashe rumbun bayanai ba zai amfani kowa ba. Mai albasa na shiga daga sabuwar waya, a nuna masa wayoyin da ke cikin asusunsa, ya kori tsohuwar.

A wayar ma kada a zube tokin a fili. A Android a kulle shi da mabuɗin `Keystore`, a iPhone a sa shi cikin `Keychain`, a burauza kuma kuki mai `HttpOnly` da `Secure`. Sai dai wannan yana hana wata manhaja kwashe tokin ne, ba ya tare wanda ke riƙe da buɗaɗɗiyar waya.

Gwajin ba wuya. Shiga da waya biyu, ka kori ɗaya daga ɗayar, ka jira minti 15 ɗin. In wadda aka kora ba ta samu `401` ba, wato amsar da sabar ke bayarwa in ta hana shiga, tana ci gaba da nuna kuɗin asusu, maɓallin korar bai taɓa sabar ba.